Shafi ɗaya ya kumbura a burauza, sauran kuma lafiya lau: ina matsalar take?

Maman Ikram, Jekadafari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimako. A shagona akwai laftof ɗaya da muke yi wa ɗalibai rajista da ita. Tun jiya fotal ɗin wata makaranta yake buɗewa da manya-manyan haruffa, layin zaɓuɓɓukan da ke sama ya ɓace, sai wasu 'yan layuka uku a kusurwa kamar na waya. Maɓallin fitar da takardar biyan kuɗi ma ban gan shi ba. Amma duk wani shafi da na buɗe daidai yake. Chrome ce a kan Windows 10. Na kashe na kunna har sau biyu, yana nan yadda yake.

Sadiq Bolari: Wa alaikumus salam Anti. Tarkacen da burauza ta tara ne. Ki danna Ctrl da Shift da Delete tare, ki zaɓi Cached images and files ki goge. In bai yi ba ki cire Chrome ɗin gaba ɗaya ki sake sawa.

Injiniya Bappah: Sadiq, dakata tukuna, kada Hajiya ta ƙona data a banza. Gogewar nan tana maganin shafin da ya zo a hargitse, hotuna sun ƙi fitowa ko tsohon bayani ya ƙi tafiya. Amma girman shafi ba a wannan rumbun ake ajiye shi ba, yana cikin saitunan mai amfani da burauzar ne. Ko an cire Chrome an mayar, in ba a goge bayanan mai amfani ba, za ta tarar da shi yana jiranta.

Hajiya, ki buɗe fotal ɗin, ki duba ƙarshen akwatin adireshi ta hannun dama, kusa da alamar tauraro. Akwai wata 'yar alama mai kama da madubin ƙara girma? Ki danna ta ki faɗa mana lambar da ta nuna.

Maman Ikram: Akwai kuwa, ban taɓa lura da ita ba. Ta rubuta 200%.

Injiniya Bappah: To shi ke nan, an kama ɓarawon. Wani ne ya ƙara wa shafin girma ninki biyu, ita kuma Chrome ɗabi'arta ce ta riƙe girman da aka ba kowane gidan yanar gizo daban, ta rubuta shi da sunan gidan. Shi ya sa kashewa da kunnawa bai yi komai ba, kuma shi ya sa sauran shafuka ba su kamu ba. Tana ganin kamar ke kika zaɓi hakan, sai take cika miki alkawari kullum.

Gyaran: kina kan shafin, ki riƙe Ctrl ki danna 0, wato sifili. Ko kuma a ɗan akwatin da ya fito lokacin da kika danna madubin, akwai Reset, ki danna shi.

Maman Ikram: Na danna Ctrl da sifili, Injiniya, ko motsi bai yi ba.

Sadiq Bolari: Ai na faɗa, abin ya wuce nan.

Injiniya Bappah: Wane sifilin kika danna, Hajiya? Na layin sama da ke tsakanin 9 da alamar ragi, ko na rukunin lambobin da ke gefen dama?

Maman Ikram: Na gefen dama, shi hannuna ya saba da shi.

Injiniya Bappah: Ina zargin Num Lock ɗinki a kashe yake. In yana kashe, wannan maɓallin ba sifili ba ne, Insert yake zama, kuma Ctrl da Insert umarnin kwafe rubutu ne, shi ya sa ba ki ga komai ba. Ki yi da na layin sama. Sannan kafin ki danna, ki taɓa wani fili a jikin shafin da linzami, don kibod ya san da wace taga yake magana.

Maman Ikram: Alhamdulillahi ya koma! Layin zaɓuɓɓukan ma ya dawo. Amma abin da ya ɗaure min kai, me ya haɗa girman rubutu da ɓacewar maɓalli? Na ɗauka sun canza fasalin fotal ɗin ne.

Injiniya Bappah: Tambaya mai kyau, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Yawancin laftof ɗin da ke shagunanmu faɗin allonsu ɗigo 1366 ne. In kika kai girma 200%, kowane abu yana cin wurin abu biyu, sai burauza ta gaya wa shafin cewa faɗin da yake da shi rabin wancan ne, wato 683. Su kuma masu gina shafuka sukan sa iyaka, da yawa a wajen 768, su ce duk allon da bai kai haka ba waya ce ko ƙaramar na'ura. Da shafin ya ji 683 sai ya sa rigar waya: ya naɗe zaɓuɓɓuka cikin layukan nan uku, ya jera akwatuna ɗaya ƙarƙashin ɗaya, wasu ginshiƙan tebur ma ya ɓoye su. Maɓallinki bai tafi ko'ina ba, yana cikin layukan ukun ko can ƙasan shafin.

Da a 150% aka bar shi, faɗin zai zama wajen 910, rubutu zai yi girma amma mai yiwuwa fasalin kwamfuta ya tsaya. A 175% kuwa wajen 780 ne, yana bakin gaɓa ke nan. Kowane shafi da inda mai shi ya sa iyakarsa, don haka wani zai juye tun a 150%.

Malam Ɗanjuma, Tudun Wada: Injiniya, Allah ya ƙara basira. Nima irin matsalata ke nan. Duk takardar da na fitar a firinta rubutun ƙanana ne kamar tururuwa, rabin takardar kuma fari fat. Na yi Ctrl da sifilin yanzu, na sake bugawa, bai canza ba.

Halima Pantami: Malam, naka daban ne. Girman da ake gani a allo ba shi ne girman da firinta take bi ba. In ka danna Ctrl da P tagar bugawa ta fito, ka sauka ka buɗe More settings, za ka ga Scale. In an sa shi a Custom da wata lamba kamar 50 ko 60, ka mayar da shi Default. Ka duba Paper size ma ya zama A4, da kuma Pages per sheet ya zama 1. In an bar shi a 2 ko 4, shafi yakan ƙanƙance ya maƙale a gefe ɗaya, irin yadda ka kwatanta.

Malam Ɗanjuma: Allah ya yi miki albarka 'yata. A 2 na same shi.

Maman Ikram: Jama'a ku yi haƙuri na dawo. Shafin farko ya gyaru, amma da ɗalibi ya shigar da lambarsa ya shiga ciki, sai na ga nan kuma komai ya zama mitsi-mitsi. Madubin ya nuna 50%. Ashe bai gyaru ba?

Sadiq Bolari: Wannan kam ƙwayar cuta ce ta shiga na'urar. Ta yaya shafi ɗaya zai zama 200 a waje, 50 a ciki?

Injiniya Bappah: Ba cuta ba ce. Hajiya, ki karanta adireshin da ke sama kafin shiga da bayan shiga. Ba sai kin turo mana ba, ki duba kalmar farko kawai, wadda take kafin ɗigon farko.

Maman Ikram: Na waje ya fara da www, na ciki ya fara da portal.

Injiniya Bappah: To a wurinki makaranta ɗaya ce, a wurin Chrome gidaje biyu ne. Tana ajiye girman ne da cikakken sunan da ke zuwa kafin alamar / ta farko, duk abin da ya bambanta a wannan sunan sabon gida ne. Ga misalin da kowa zai iya gwadawa: ku buɗe ha.wikipedia.org ku ƙara masa girma, sannan ku buɗe en.wikipedia.org, za ku tarar da shi a yadda yake. Amma duk maƙalar da kuka buɗe a ta Hausar za ta zo da girman da kuka sa, ko da a sabon shafi ne, kuma waɗanda suke buɗe a gefe su ma nan take za su canza.

Abin yana juyawa ta ɗaya gefen ma. Docs da Sheets da Slides duk a ƙarƙashin docs.google.com suke zaune, don haka wanda ya ƙara girma yana rubuta wasiƙa zai je ya tarar da teburin lissafinsa ya kumbura.

Abin da nake zato ya faru a naki, wani ya ga ya yi girma, ya yi ta ragewa bayan ya riga ya shiga ciki, sai ya rage wa gidan da ba shi ne mai laifin ba. Maimakon ki riƙa bin su ɗaya-ɗaya, ki rubuta wannan a akwatin adireshi ki danna Enter:

```
chrome://settings/content/zoomLevels
```

Zai jero miki duk gidan da aka taɓa canza wa girma tare da lambarsa. A gaban kowanne akwai alamar cirewa. Duk wanda kika cire ya koma girman asali. Masu Edge, abu ɗaya ne:

```
edge://settings/content/zoomLevels
```

Wanda ya fi son bi ta hanya a Chrome kuma: Settings, sai Privacy and security, sai Site settings, ka sauka ƙasa ka buɗe Additional content settings, a nan Zoom levels yake.

Maman Ikram: Innalillahi, guda goma sha ɗaya na tarar a jere. Na share su duka, ciki da waje sun daidaita. Na gode ƙwarai Injiniya, Allah ya saka da alheri.

Usman Kumo: Bari in ƙara wani abu da ba a faɗa ba. Mutane suna cewa Ctrl da sifili yana mayarwa 100%. Ba koyaushe ba. Yana mayarwa ne zuwa girman da aka sa wa burauzar gaba ɗaya. In wani ya shiga Settings, Appearance, ya sa Page zoom a 125%, to duk danna sifilin da za ka yi a 125% zai ajiye ka, kuma madubin nan ba zai fito a adireshi ba, tunda a ganinta ba ka kauce daga asali ba. Alamar wannan ita ce duk shafuka ne suke girma, ba ɗaya ba. Ka danna ɗigo ukun da ke kusurwar dama ta sama, layin Zoom zai nuna maka ainihin lambar.

Injiniya Bappah: Gaskiya ne Usman. Ni yadda nake rarrabewa kafin in taɓa komai, ina duba iyakar inda girman ya tsaya ne. In shafi ɗaya ne, girman gida ɗaya ne, irin na Hajiya. In duk shafuka ne amma akwatin adireshi da kawunan shafukan da ke sama suna nan daidai, to abin da Usman ya faɗa ne. In har akwatin adireshin da alamomin da ke kan allo da agogon ƙasa duk sun yi girma, ka bar burauza, ka tafi Settings na Windows, System, Display, ka duba lambar Scale da ta resolution. In kuwa allon ne gaba ɗaya yake bin linzami yana zamewa, Magnifier aka kunna, maɓallin Windows da Esc yana kashe shi.

Kuma waɗannan lambobin suna hawa kan juna ne. Allo mai faɗin 1920 da Windows ta sa a 125% ya zama 1536 a wurin burauza. In aka ƙara 150% a kan shafin, ya koma 1024. Shi ya sa 100% na wata na'ura ba ya kama da 100% na wata.

Sadiq Bolari: To na sauka daga maganar cuta. Amma da ta buɗe shi a Incognito ai da tun farko ta gane, tunda can komai sabo ne.

Usman Kumo: A nan ma sai an yi hattara, Sadiq. Tagar Incognito tana gadon girman da aka ajiye a babbar taga. Za ka buɗe ka ga shafin a kumbure, ka ce lallai daga masu shafin ne, alhali ba haka ba. Abin da ka canza a cikinta ne kawai ba ya zama bayan ka rufe. In gwaji mai tsabta kake so, ka shiga a matsayin Guest, ko ka buɗe shafin a wata burauzar daban.

Halima Pantami: Ni abin da nake so a tattauna shi ne yadda abin yake faruwa tun farko, don a shago gobe ma zai sake. Babu wanda yake zuwa da niyyar kai shafi 200%. Mafi yawa Ctrl ne da tayar linzami. Mai aiki ya riƙe Ctrl zai kwafe lambar rajista, bai saki ba ya murza taya zai haura sama. Kowane ƙas ɗaya na tayar mataki ɗaya ne, kuma matakan Chrome daga 100 su ne 110, 125, 150, 175, 200. Ƙas biyar ke nan, murzawa ɗaya ta yatsa. Ta ƙasa kuma 90, 80, 75, 67, 50, shi ma biyar. Iyakarta 25 a ƙasa, 500 a sama.

Injiniya Bappah: Sai kuma Ctrl da ya maƙale. Ƙurar hunturu in ta shiga ƙarƙashin maɓalli takan riƙe shi. Alamarsa, kana murza taya shafi yana girma yana raguwa maimakon ya sauka, kuma in ka danna harafi sai wani abu daban ya buɗe. Ka daddanna Ctrl na hagu da na dama sau biyu-uku. In bai saki ba, ka buɗe kibod na kan allo, ka rubuta osk a wurin bincike na Windows, in Ctrl ya fito da launi daban to a danne yake. In kibod na waje ne, zare shi ka gani ko abin ya tsaya.

Akwai kuma Sticky Keys, wanda danna Shift sau biyar a jere yake kirawo shi. Yara masu wasan gem suna yawan tayar da shi. In yana kunne, danna Ctrl sau biyu yana kulle shi a danne ko ka ɗage yatsa.

Auwal Bajoga: Yayyena, nawa a waya ne. Shafi ɗaya ne yake fitowa ƙanana sosai, sai na buɗa da yatsu biyu kafin in karanta. Babu Ctrl a waya, ya zan yi?

Halima Pantami: Auwal, kafin ka nemi girma, danna ɗigo ukun Chrome ka duba Desktop site. In akwai alamar zaɓi a gabansa, cire ta. Wannan yana sa waya ta karɓi fasalin kwamfuta ta matse shi cikin ɗan allonta, kuma sababbin Chrome suna riƙe zaɓin ga wannan gidan. Masu cike fom a waya su suka fi kunna shi su manta. In ba shi ba ne, shiga Settings, Accessibility, a nan saitin girman shafi yake, kuma za ka iya sa Zoom ya riƙa fitowa a cikin ɗigo ukun don ka gyara kowane gida daban. Masu iPhone kuma, alamar da ke gefen akwatin adireshi a Safari za su taɓa, su danna lambar da ke tsakanin ƙaramin A da babban A, sai ta koma 100%.

Auwal Bajoga: Desktop site ɗin ne, Yaya Halima. Na cire.

Usman Kumo: Shi ya sa ni a na'urar da jama'a suke taɓawa na fi son Firefox. Ita ma tana riƙe girman kowane gida, kuma lambar tana fitowa ɓaro-ɓaro a akwatin adireshi, in ka danna ta sai ta koma. Amma tana da makunnin da za ka hana ta riƙewar. Ka rubuta about:config a adireshi, ka yarda da gargaɗin, ka nemo wannan ka mayar da shi false:

```
browser.zoom.siteSpecific
```

Daga nan girman yana zama a shafin da aka buɗe ne kawai, da an rufe shi ya tafi. Kwastoma na gaba ba zai gaji ɓarnar na baya ba. Chrome ba ta da irin wannan makunnin a saitunanta.

Abin da ya rage mata, ba ta da jerin gidaje irin wanda Injiniya ya nuna. In kana so ka share duka sai ta wajen goge tarihi, ka zaɓi Site settings, kuma wannan zai tafi da izinin da ka ba shafuka, kamar na kyamara. Masu ɗaukar hoton fasfo ta fotal su sani, za a sake tambayarsu izini.

Injiniya Bappah: Ban goyi bayan kashe shi a kowace na'ura ba. Dattijon da idonsa ya yi rauni, ya sa shafin labaransa a 150%, riƙewar nan ita ce amfanin abin a wurinsa. In ka kashe, kullum sai ya sake. A shago ma na fi ganin a koya wa yara Ctrl da sifili, a riƙa leƙa jerin nan duk ƙarshen mako.

Usman Kumo: Yaran shago da suke canzawa duk wata uku, Injiniya? Wanda ka koya wa ya tafi, sabo ya zo. Saiti ba ya mantuwa.

Injiniya Bappah: Akwai fotal ɗin da masu shi suka gwada shi a Chrome kaɗai, dole ka koma mata ko ba ka so. Amma na yarda, a na'urar da kwastoma yake zama da kansa, hujjarka tana da ƙarfi.

Garba Herwagana: Ranka ya daɗe Injiniya, ga wani. Kwamfutoci shida a kafe, ɗaya ce take da wannan. Ana share shafin daga jerin, ya koma 100%, a yi aiki lafiya har dare. Da safe an kunna ya dawo 67%. Kwana huɗu ke nan.

Injiniya Bappah: Akwai manhajar da take mayar da na'ura yadda take duk lokacin da aka kunna? Masu kafe da yawa suna sawa. In akwai, to an daskarar da ita ne da 67% ɗin a ciki. Sai ka sassauta manhajar, ka kunna na'urar, ka gyara girman, ka rufe Chrome da kyau, sannan ka mayar da kullen.

Garba Herwagana: Babu ita a wannan na'urar. Fayilolin da aka ajiye jiya suna nan.

Halima Pantami: To ya ake kashe ta da dare? In wuta ce take ɗaukewa ko ana zare soket, mai yiwuwa saitin bai samu ya rubutu daidai ba. Gwada ka gyara, ka rufe Chrome gaba ɗaya, ka sake buɗewa nan take ba tare da ka kashe na'urar ba. In ya dawo 67% tun a nan, ba maganar wuta ba ce.

Usman Kumo: Ni ƙarin manhajojin da ake liƙa wa burauza nake zargi, akwai masu sarrafa girman shafi da kansu. Buɗe wannan ka kashe su duka, ka gyara, ka gani gobe:

```
chrome://extensions
```

In ya tsaya, sai ka riƙa kunna su ɗaya-ɗaya har ka kama mai yi.

Garba Herwagana: Na rufe na buɗe, yana nan a 100%. Ƙarin manhajoji uku na gani, biyu ban san wanda ya sa su ba. Na kashe duka ukun, kuma yau da hannuna zan kashe na'urar ta Shut down.

Injiniya Bappah: Ka haɗa gwaji biyu a dare ɗaya ke nan, Garba. In ta tashi lafiya gobe ba za ka san wanne ne ya yi maganin ba. Mayar da ukun a kunne, yau ka gwada kashewar kaɗai.

Garba Herwagana: To, na mayar. Zan duba da safe kafin yara su zo.